Bidiyo arba'in a layi, kuran ta ɗauke: yadda za ka san wanne ya faɗi

Tambaya daga Tawa: "Assalamu alaikum Malam. Ni ka kula da sabar wata ƙungiya da malamanmu ke aiko bidiyon darasi daga ƙauyuka. Da marece kamar arba'in ka shigowa, kowane wajen minti goma. Yanzu da an ɗora, nan take nike kiran ffmpeg ya rage shi. In sunka yi yawa na'ura ta cije, in kuran ta ɗauke kuma ban san wanne ya ƙare wanne ya lalace ba, sai malami ya kira yana cigiya. Na'urar kor 8 gare ta da RAM giga 16, da PostgreSQL. Ƙaƙa zan tsara layi da zai yi aiki da yawa lokaci guda, ya kuma gaya mini wanda ya faɗi?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Kayan da ke hannunka sun isa, ba sai ka sayi komai ba, ba kuma sai ka girka wata sabuwar manhajar layi ba tukuna. Abin da nake so ka riƙe daga farko shi ne, kowane bidiyo ya zama yana da sahu guda a tebur cikin PostgreSQL, kuma wannan sahun shi ne kaɗai mai faɗin halin da bidiyon yake ciki. Duk abin da ke cikin RAM, ɗaukewar kuran ɗaya ta share shi. Abin da aka rubuta a tebur kuwa yana nan idan na'ura ta tashi. Bari mu bi bidiyo guda, mu ce aiki mai lamba 412, tun daga salular malamin har ya fito ko ya faɗi.

Mai karɓar bidiyo aikinsa karɓa ne kawai. Ya ajiye fishiyen a diski da sunan da kai ka ba shi, kamar `412.asali`, ba sunan da ya zo da shi daga salula ba, domin sunan da wani ya rubuta bai kamata ya kusanci umarnin da kake turawa ba. Sai ya rubuta sahu a tebur da hali `jira`, `gwaji` sifili, `ba_kafin` kuma `now()`, ya amsa wa malami cewa an karɓa. Shi ke nan. Jerin nan yana da muhimmanci: fishiye ya gama sauka tukuna, sannan a rubuta sahun. Da irin rezo na ƙauye, ɗorawa tana yankewa a tsakiya sau da yawa, don haka salula ta fara faɗin girman fishiyen, kai kuma ka gwada da abin da ya iso. In bai cika ba kada ya shiga layi. Bidiyon salula na minti goma yakan kai giga ɗaya ko fiye, saboda haka ka duba tsarin tus, wanda yake barin mutum ya ci gaba daga inda ya tsaya maimakon ya koma farko. Malamin da ya sayi mega da kuɗinsa zai gode maka.

A ɗaya gefen akwai ma'aikata, wato ƙananan manhajoji da ke zagaye suna tambayar tebur ko akwai aiki. Matsalar farko ita ce kada biyu su ɗauki 412 tare. PostgreSQL ya warware wannan tun fitowar 9.5 a shekarar 2016, da `SKIP LOCKED`:

```sql
UPDATE ayyuka
SET hali = 'ana_yi', gwaji = gwaji + 1,
    waadi = now() + interval '2 minutes'
WHERE id = (
  SELECT id FROM ayyuka
  WHERE hali = 'jira' AND ba_kafin <= now()
  ORDER BY id
  FOR UPDATE SKIP LOCKED LIMIT 1)
RETURNING id, gwaji;
```

Ma'aikacin da ya fara kai hannu ya kulle sahun, na biyu ba ya tsayawa jiransa, sai ya tsallake ya ɗauki 413. Ka rufe wannan rubutu nan take da `COMMIT`, kada ka bar shi a buɗe har ffmpeg ya gama.

Ka lura da `waadi`. Nan ne zuciyar tsarin, kuma nan zan daɗe. Ma'aikaci bai mallaki aikin ba, aro aka ba shi na minti biyu. Muddin yana raye, duk daƙiƙa 30 sai ya dawo ya ƙara wa'adin da wasu minti biyu, kamar mai gadi da ke yin gyaran murya da dare don a san bai yi barci ba. In kuran ta ɗauke, ko na'ura ta kashe shi, ba mai ƙara wa'adi. Sai ka sa wani ɗan ƙaramin mai shara da ke tashi kowane minti, ya nemo duk sahun da ke `ana_yi` wanda wa'adinsa ya wuce, ya mayar da shi `jira`. Ma'aikacin da ya mutu ba ya iya cewa "na mutu", shirunsa ne yake faɗa. Wannan ita ce amsar abin da ya fi damunka: bayan an kunna gurup ko kuran ta dawo, cikin minti kaɗan ayyukan da aka katse sun koma layi da kansu, waɗanda suka ƙare kuma ba mai taɓa su.

Akwai tarko a nan da ya kamata ka gani tun yanzu. A ce ma'aikaci na farko bai mutu ba, nauyi ne ya danne na'ura har ya kasa ƙara wa'adi. Mai shara ya mayar da 412 layi, ma'aikaci na biyu ya ɗauka, sai ga na farko ya farfaɗo yana ci gaba. Yanzu biyu ke kan bidiyo ɗaya. Maganinsa lambar `gwaji`. Na farko ya karɓi aikin da gwaji 1, na biyu da gwaji 2. Duk lokacin da ma'aikaci zai taɓa sahun, ko ƙara wa'adi ko rubuta an gama, ya haɗa da `WHERE id = 412 AND gwaji = 1 AND hali = 'ana_yi'`. In PostgreSQL ya ce masa sahu sifili ne ya sauya, ya san an karɓe aikin daga hannunsa, sai ya kashe ffmpeg ɗinsa ya share abin da ya fara. Fishiyen wucin gadi ma ya ɗauki lambar, `412.1.tmp.mp4` da `412.2.tmp.mp4`, don kada su rubuta bisa juna.

Za ka ji ana ba ka shawarar RabbitMQ ko Celery da Redis. Kaya ne masu kyau, ina aiki da su. Amma bidiyo aiki ne mai tsawo, su kuma suna da nasu wa'adin da mutane ke mantawa: RabbitMQ yana rufe hanyar ma'aikacin da ya riƙe saƙo minti 30 bai tabbatar ba, in ba ka sauya ba, Celery bisa Redis kuma yana sake miƙa aikin ga wani bayan awa ɗaya. Ko da su, sai ka riƙe tebur ɗin halin ayyuka. Ga bidiyo arba'in a yini da na'ura guda, tebur kaɗai ya wadatar, kuma abu ɗaya ne za ka kula da shi maimakon biyu.

Yanzu ma'aikata nawa? Abin da ke cije na'urarka shi ne, ffmpeg guda mai `libx264` yana shimfiɗa kansa bisa dukan kor ɗin da ya samu. Goma suka taso tare, kowa na jan kor takwas ɗin nan, RAM ta cika, har shafin ɗorawa ya rasa numfashi. Ni da na'urar nan zan fara da ma'aikata uku, kowane da zare biyu, in bar ragowar ga PostgreSQL da masu ɗorawa:

```sh
nice -n 10 ffmpeg -nostdin -y -threads 2 -i 412.asali \
  -vf scale=-2:480 -c:v libx264 -preset veryfast -crf 26 \
  -pix_fmt yuv420p -threads 2 -c:a aac -b:a 64k \
  -movflags +faststart -progress pipe:1 412.1.tmp.mp4
```

`-threads` na gaban `-i` na mai karanta bidiyon ne, na bayansa na mai matse shi. `-2` ɗin cikin `scale` yana tilasta faɗin hoto ya zama lamba mai rabuwa biyu, in ka sa `-1` wata rana za ka ga `width not divisible by 2`. `yuv420p` kuwa don tsofaffin salula su iya buɗe abin da sababbi suka ɗauka. In rubutun allo bai karantuwa a 480, ka ɗaga zuwa 720, darasi ne, rubutun shi ne kayan.

Kada ka yarda da lambar uku don na faɗa. Ka ɗauki bidiyo shida na gaske daga malamanku, ka wuce da su da ma'aikata biyu, sannan uku, sannan huɗu, kana duba agogo. Inda ƙarin ma'aikaci ya daina rage jimillar lokaci, nan ne iyakarka. ffmpeg yana nuna `speed`, da shi za ka yi lissafi. A ce ya nuna `1.5x` lokacin da uku ke aiki tare. Bidiyo 40 na minti 10 minti 400 ke nan. Raba da 1.5 ya ba ka kusan 267, raba da ma'aikata uku ya ba ka kusan minti 89. Ko duka suka zubo bayan magariba, kafin mutane su kwanta layi ya ƙare. Ka yi gwajin da rana tsaka a watan Afrilu ma, domin a zafin Tawa furosesa na rage gudunsa da kansa in ɗakin ba sanyi, lissafin lokacin ɗari ba zai yi maka ba.

Mu koma kan faɗuwa. Kuskuren da na fi gani shi ne a ɗauka cewa in ffmpeg ya fita da lamba 0, aiki ya yi. Ya taɓa faruwa da ni a nan Yamai, a wani aiki na ajiyar shirye-shirye. Tebur ya nuna an gama, aka share asali don a samu wuri a diski, sai bayan kwanaki mai shirin ya buɗe ya tarar da minti shida cikin ashirin. Fishiyen ya iso a gutsure, amma bayanin da ke kansa lafiya lau, ffmpeg ya karanta har inda ya yanke, ya rubuta ƙorafi a `stderr`, ya fita da 0. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, domin hira ce da wani dattijo da ba a samu an sake ba. Tun ranar nan ba na rubuta `an_gama` sai na auna:

```sh
ffprobe -v error -show_entries format=duration \
  -of csv=p=0 412.1.tmp.mp4
```

Ka auna asali kafin aiki, ka auna sakamako bayan aiki. Asali ya ce daƙiƙa 612, sakamako ya ce 611.9, lafiya. Ya ce 370, faɗuwa ce ko mene ne ffmpeg ya ce. Ni ina barin tazarar daƙiƙa biyu. Ka duba kuma akwai hoto akwai murya a ciki. Wasu fishiye, musamman WebM da aka naɗa daga cikin burauza, ba sa ɗauke da tsawonsu, ffprobe zai ce `N/A`. Waɗannan ka yi musu alama mutum ya duba da ido. Sai an wuce awon nan za ka yi `fsync` ga fishiyen, ka sauya masa suna zuwa `412.mp4` a cikin diski ɗaya, sannan ka rubuta `an_gama`. Sauya suna a diski ɗaya ba ya tsayawa rabi, ko ya faru ko bai faru ba, don haka ɗalibi ba zai taɓa buɗe rabin bidiyo ba. In kuran ta ɗauke tsakanin sauya suna da rubutu a tebur, aikin zai sake gudu ya maye gurbin fishiyen da irinsa, ba asara sai ta minti bakwai. Asali kuwa ka bar shi mako guda aƙalla kafin ka share.

Faɗuwa ba iri ɗaya ba ce, kuma in ka yi musu magani ɗaya za ka ɓata lokacin na'ura. Akwai wadda laifin fishiye ne. `moov atom not found` na nufin MP4 ɗin ya rasa jadawalin da ke bayyana abin da ke cikinsa, wanda salula ke rubutawa a ƙarshe: ko ɗorawa ta yanke, ko batir ya mutu ana cikin ɗauka. `Invalid data found when processing input` ma ɗan gidansu ne. Ko sau ɗari ka maimaita, amsa ɗaya ce. Wannan ya tafi `ya_fadi` kai tsaye, kuma ffprobe na farko zai kama shi cikin daƙiƙa guda, kafin ya ci wurin kowa.

Akwai wadda ta lokaci ce, kamar wa'adin da ya ƙare ko ffmpeg da aka kashe. In ka ga lambar fita 137, wato 128 da 9, an kashe shi da `SIGKILL`. A Python za ka gan shi a matsayin `-9`. Galibi Linux ne ya kashe shi don RAM ta ƙare, `dmesg` zai nuna maka `Out of memory`. Irin wannan a mayar da shi layi, amma da jinkiri, shi ne amfanin `ba_kafin`: minti ɗaya bayan faɗuwar farko, biyar bayan ta biyu, a ta uku a tsaya a rubuta `ya_fadi`. Iyakar nan dole ce, kuma mai shara ma ya kiyaye ta. In babu ita, bidiyon 4K guda da ke cinye RAM zai yi ta kashe ma'aikata yana dawowa layi har safe.

Ta uku laifin na'ura ce, babbarta `No space left on device`. Bidiyo arba'in giga arba'in ne a dare guda, diski na cika da sauri fiye da zato. In ka bar tsarin maimaitawa ya yi aikinsa a nan, cikin ƴan mintoci duk layin zai ƙone gwajinsa uku ya faɗi, alhali ba bidiyo ko ɗaya mai laifi. Don haka ma'aikaci ya duba wurin da ya rage kafin ya ɗauki aiki. In ya gaza giga 10 kada ya ɗauka, ya aiko maka saƙo ya zauna. PostgreSQL ma ba ya jure diski cikakke, in da hali ka raba masa nasa wuri.

Sai wadda ba ta faɗi ba, ba ta kuma tafiya: ffmpeg ya tsaya cak, ma'aikaci na ta ƙara wa'adi bisa gawa. Shi ya sa na sa `-progress pipe:1`. Yana fitar da `out_time` a kai a kai, ma'aikaci ya riƙa dubawa. Minti uku lambar ba ta motsa ba, ya kashe shi ya ƙidaya faɗuwa. Sanadin da na fi cin karo da shi a hannun masu farawa shi ne sun buɗe bututun `stderr` ba sa karantawa. Bututu a Linux kilo 64 yake ɗauka, da ya cika ffmpeg ya tsaya jira har abada. Mafi sauƙi ka tura `stderr` cikin fishiye, `412.1.log`, ka huta.

Rahoto kuma mutum biyu ke buƙatarsa, kuma ba magana ɗaya za ka yi musu ba. Malamin da ke ƙauye ba ruwansa da `moov atom`. Abin da yake so ya sani: zai sake turowa ne ko zai jira? Ga laifin fishiye ka ce masa, "Malam, bidiyon darasin lissafi da kuka aiko jiya bai iso cikakke ba, don Allah ku sake turowa, kada ku share shi daga salula." Ga laifin na'ura kada ka tashe shi da komai sai "yana layi", tunda ba abin da zai iya yi. Kai kuwa, a kowace faɗuwa ka ajiye lambar gwaji, lokaci, lambar fita, irin faɗuwar, cikakken umarnin da aka tura, da sahu 30 na ƙarshe na `stderr`. Ka sa su a tebur na daban, sahu guda ga kowane gwaji, don na uku kada ya shafe labarin na farko, wanda sau da yawa shi ne mai gaskiyar abin. Ka yi ɗan shafi da ke jera duk `ya_fadi`, da maɓallin sake gwadawa. Maɓallin ya ƙara wa aikin iyaka da uku, kada ya mayar da `gwaji` sifili, tunda lambar ce ke raba tsohon ma'aikaci da sabo.

Saƙon kansa zai iya ɓacewa. Ma'aikaci ya rubuta `ya_fadi`, ya juya zai tura SMS, rezo ba ta nan, shi ke nan ba wanda ya ji. Don haka kada ma'aikaci ya tura saƙo da kansa. Ya rubuta shi a tebur ɗin saƙonni, a cikin `COMMIT` ɗaya da sauya halin aikin, wani ɗan aike daban ya riƙa ɗauka yana turawa, yana maimaitawa har ya wuce. Wata rana malami zai samu saƙo ɗaya sau biyu, wannan ya fi ya rasa shi.

Akwai lamba guda da nake so ka sa wa ido fiye da adadin waɗanda suka faɗi, ita ce shekarun aikin da ya fi daɗewa a `jira`. In dukan ma'aikata sun mutu, ba abin da zai faɗi, shafinka zai nuna sifili, layi kuwa na tsawo. Da lissafinmu na minti 89, aikin da ya yi awa uku yana jira alama ce ta matsala. Mai duba wannan lambar ya zauna a wajen na'urar, ko ƙaramar sabar haya ce da ke tambaya duk minti biyar, ta kira ka in amsa ta yi muni ko ba amsa sam. Ma'aikatan ka sa su ƙarƙashin systemd da `Restart=always` kuma ka yi musu `systemctl enable`, don su tashi da na'ura ba sai ka zo biro ba. Ondilar ko ta minti goma ce tana da amfani, in ka haɗa ta da na'urar ta yadda za ta kashe kanta cikin tsari.

Kafin malamai su fara amfani da shi, ka karya shi da hannunka. Ka gutsure bidiyo mai kyau wanda ya fi mega 50 da `head -c 50000000 kyau.mp4 > rabi.mp4` ka ɗora, ya kamata ya faɗi a gwajin farko, saƙo ya iso salularka. Ka maimaita da bidiyon da aka riga aka yi wa `+faststart`, wannan shi ne zai wuce ffprobe na farko, awon tsawo ne kaɗai zai kama shi. Ka yi wa ma'aikaci `kill -9` yana tsakiyar aiki, ka duba agogo: cikin minti uku aikin ya koma layi, wanda ya sake ɗaukarsa kuma ya samu gwaji 2. Ka duba kuma ko ffmpeg ɗinsa ya mutu tare da shi ko ya zama maraya yana cin kor, systemd yana share su in a ƙarƙashinsa suke. Ka cika diski da `fallocate` ka ga ko ma'aikata sun tsaya. Na ƙarshe, a na'urar gwaji, ka zare waya daga bango ana cikin ayyuka uku, ka mayar, ka ƙirga: uku sun koma layi, kuma ba `an_gama` ko ɗaya da fishiyensa bai cika ba. In wani cikin gwaje-gwajen nan ya ba ka abin da ba haka ba, turo mini sahun aikin da log ɗinsa mu duba tare.